Wasan Hausa, Daga Tushe Ake Rubuta Shi Da Hausa

Akwai wani irin wasan kwaikwayo da ya yawaita a gidajen rediyo da talabijin namu, wanda ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyinsa don wayar da kan jama'a a kan zuwa awo, ko rigakafi, ko karatun 'ya'ya mata. Niyyar masu shi mai kyau ce, kuɗin da ake kashewa ba kaɗan ba ne, 'yan wasan kuma sau da yawa ƙwararru ne. Amma da zarar an fara, kafin a yi minti biyu, mai sauraro ya gane cewa mutanen da ke magana ba mutanen unguwarsu ba ne. Kalmomin duk na Hausa ne, ba ko ɗaya da za ka ce babu ita a ƙamus, sai dai ba wanda ya taɓa jin an jera su haka a tsakar gida.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ana fara rubuta wasan da Turanci, domin masu ba da kuɗi su karanta su sa hannu. Bayan an amince da kowane layi, sai a miƙa wa mai fassara, a ce masa kada ya ƙara kada ya rage. Shi kuwa ya riƙe amana, ya bi jimla bayan jimla. Ra'ayina shi ne wannan tsari juye yake, kuma ba mai fassara ne ya kamata a tuhuma ba. Wasan da za a yi wa Hausawa, tun daga ranar da aka fara tunanin wa zai shigo wa zai fita ya kamata a yi tunaninsa da Hausa.

Alamomin da suka fi saurin bayyana kowa ya san su. Mace ta dubi mijinta ta ce, "Muna buƙatar mu yi magana." Dattijo ya ce, "Ban sayi wannan ra'ayin ba." Malamar asibiti ta ce wa baƙuwa, "Ɗauki kujera," ko ta rufe bayaninta da "a ƙarshen rana". Waɗannan ba su da wuyar gyara. Duk editan da kunnensa ke aiki zai mayar da su "Ina da magana", da "Ban yarda ba", da "Bismilla, zauna", da "daga ƙarshe dai". Da matsalar a nan ta tsaya, da ban ɓata takarda a kanta ba. Abin da ba ya gyaruwa da jan biro shi ne ginin fitowar kanta: wa aka haɗa da wa, a ina, kuma wa aka ba bakin faɗar abin da ake so a faɗa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce saƙon da ake son isarwa shi ne wannan: mai ciki da ƙafafunta da fuskarta suka kumbura, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani yana dushewa, a kai ta asibiti a ranar, domin alamu ne na hawan jinin masu ciki, wanda kan iya kaiwa ga jijjiga. Marubucin da ya yi tunani da Turanci zai zaunar da mata da miji su biyu a falo, domin a fina-finan da ya koyi sana'a daga gare su a nan ake yanke shawarar gida. Ga abin da kan fito bayan fassara:

LADIDI: Musa, muna buƙatar mu yi magana game da cikina.
MUSA: Me ke damun ki, masoyiyata?
LADIDI: Ina jin ba ka sauraren yadda nake ji. Jikina ne, kuma ina da 'yancin ganin likita.
MUSA: Mahaifiyata ta ce babu buƙata.
LADIDI: Mahaifiyarka! Kullum mahaifiyarka! Wani lokaci ina mamakin wace ce ka aura a cikinmu.

Layin ƙarshen nan shi ne wurin dariya a rubutun asali, domin yi wa uwar miji ba'a tsohon abin raha ne a wasannin Turawa. Yanzu a saka wannan a rediyo, a ƙauyen da ake son saƙon ya isa, a ga abin da zai faru. Ladidi amarya ce mai cikin fari. Ta kira sunan mijinta gatsal, ta ambaci cikinta da bakinta, ta kuma taɓa uwarsa. A gidajen da ake riƙe da al'adar kunya, musamman a karkara, kowane ɗaya daga cikin ukun nan ya isa a ce yarinyar ba ta da tarbiyya. Mai cikin fari ɓoye cikin take yi har sai ya ƙi ɓoyuwa, kuma ko an tambaye ta sunkuyar da kai za ta yi. To tun daga layi na farko mai sauraro ya bar ɓangaren Ladidi ya koma ɓangaren uwar miji. Zuwa asibiti ya zama ra'ayin marar kunya. An kashe kuɗi an koyar da kishiyar abin da aka yi niyya, alhali babu kalma ɗaya da mai fassara ya kuskure.

Marubucin da ya fara da Hausa ba da tattaunawa zai fara ba. Zai fara da tambayar kansa: a gidan nan, wa ke yanke hukuncin fita? Miji ne ke ba da izini da kuɗin mota, amma a kan abin da ya shafi ciki da haihuwa, maganar uwarsa ce ke da nauyi. Wa ke iya musa wa uwar miji ba tare da an ga baƙinsa ba? Wadda ta girme ta, wato surukarta, kakar mijin. Wa ke iya ambaton abin da amarya ke jin nauyin faɗa, ta kuma ci mutuncin miji a gaban kowa a yi dariya? Ita dai kakar, domin akwai wasa tsakanin kaka da jika: tana kiransa maigidanta, tana kiran matarsa kishiyarta. Da wannan amsa fitowar ta tashi daga falo ta koma tsakar gida, mutane biyu suka zama huɗu: Ladidi da Musa, da Inna uwarsa, da Iya kakarsa.

(Tsakar gida da hantsi. Ana jin daka daga maƙwabta.)
IYA: Ke kishiya, matso in gani. Waɗannan ƙafafu naki ne, ko taɓaren gidan liman kika aro?
LADIDI: (Dariya ƙasa-ƙasa) Kai, Iya.
IYA: Takalmin da maigidana ya sayo miki da salla fa?
LADIDI: Ya daina shiga.
INNA: Ai ba komai ba ne, Iya. Haka na yi lokacin da nake ɗauke da yaron nan.
IYA: Kin yi kam, ina nan. Amma ke fuskarki ba ta cika haka ba, kanki kuma bai hana ki barci ba. Wannan kuwa jiya ina kallon ta, rana tsaka tana laluben buta. Ke, idonki na yin duhu?
(Shiru.)
LADIDI: Wani lokaci.
MUSA: (Daga zaure) Salamu alaikum.
IYA: Wa alaikumus salamu. Yawwa, ga angon ƙarya. Kai kada ka kai ta asibiti fa. Ka bari sai ta faɗi, gari ya ji jikan Iya ya yi rowar kuɗin mota.
MUSA: Haba uwargida, yaushe aka gaya mini?
IYA: Wa zai gaya maka? Ita da ko sunanka ba ta iya faɗa?
INNA: (Bayan ɗan jim) Je ka nemo abin hawa. Ni zan raka ta.

A duba abin da ya faru. Alamu ukun nan duk sun fito, kumburin fuska da ciwon kai da duhun gani, kuma an bambanta su da kumburin ƙafa kawai, wanda masu ciki da yawa kan yi ba tare da wata illa ba. Ladidi ta faɗi kalmomi bakwai kacal, amma ba wanda bai ji halin da take ciki ba, kuma shirun da ta yi kafin ta amsa ya fi kowane dogon jawabi aiki. Inna ba ta ambaci sunan ɗanta ba, "yaron nan" ta ce, domin ɗan fari ne, kuma wannan kaɗai ya gaya wa mai sauraro matsayin Musa a gidan ba tare da an yi bayani ba. Abu mafi muhimmanci, ba a kayar da Inna ba. Ita ce ta ba da umarnin ƙarshe, ita ce za ta yi rakiya. Uwayen miji da ke sauraro, waɗanda su ne ainihin waɗanda ake nema, an bar musu ƙofar da za su canza ra'ayi da mutuncinsu.

Babu wani mai fassara, komai gwanintarsa, da zai fitar da fitowa ta biyu daga ta farko. Iya ba ta cikin rubutun Turancin. Ba za ta taɓa shiga ba, domin wanda ya tsara shi bai san akwai kujerarta a gidan ba.

Wannan ya kawo mu ga batun raha, inda fassara ta fi yin ɓarna. Dariyar Bahaushe yawancinta ba a cikin jimla take ba, a cikin dangantaka take. Maganar da Iya ta yi wa Musa, in da Inna ce ta yi ta, faɗa ne. In Ladidi ce, rashin kunya ne. A bakin kaka ne kaɗai ta zama abin dariya. Haka wasan taubasai yake, haka na Kanawa da Zazzagawa, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa, da Katsinawa da Nufawa. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta shigar da ita cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Ga marubucin wasa, wannan kayan aiki ne da ba shi da na biyu: hanya ce da al'umma ta riga ta amince da ita ta faɗar gaskiya mai ɗaci ba tare da an yi faɗa ba. Duk lokacin da saƙo ya yi nauyi, tambayar da ya kamata a yi ita ce wa ke da izinin wasa da wanda ake son ya ji.

Sannan akwai salon maganar kansa. "Kada ka kai ta asibiti fa" gatse ne, an faɗi kishiyar abin da ake nufi, kuma duk ɗan da ya tashi a hannun uwa Bahaushiya ya san cewa in an ce masa "ci gaba da yi", to ya daina. Akwai habaici, inda kishiya za ta yi wa kaza ko kyanwa faɗa alhali da 'yar'uwarta take. Akwai gugar zana, da shaguɓe, da baƙar magana, da zambon maroƙa. Kowannensu yana da wurinsa da mai yin sa. Tsofaffin gwanayenmu a kan waɗannan suka gina sunansu. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, dariyarsa ta fito ne daga Hausar barikin soja da yadda take cakuɗa umarni da karyayyen Turanci, abin da duk wanda ya zauna kusa da bariki ya sani. Marigayi Rabilu Musa Ibro kuwa ya kwaikwayi dogari da ɗan acaba da boka da attajirin ƙarya, mutanen da mai kallo ke gani kullum. A mayar da maganganunsu wani harshe, za a sami ma'ana, dariyar kuwa ta tsaya a gida. To me ya sa muke zaton dariyar wasu za ta iso mana lafiya ta wannan hanyar?

Akwai kuma ƙananan kalmomin nan da ba a cika lura da su ba: dai, fa, kam, ma, kuwa, ai, mana. "Zo", da "zo mana", da "zo dai", da "zo fa" umarni huɗu ne daga zukata huɗu. Na farko tsurar umarni ne, na biyu lallashi ko ƙosawa, na uku kwantar da hankali, na huɗu gargaɗi. Rubutun da aka fassara kusan kullum ba shi da su, domin babu abin da ya tsaya a madadinsu a rubutun asali, shi ya sa kowa a cikinsa ke magana da murya ɗaya, ta mai karanta labaran duniya. A fitowarmu, "Kin yi kam" ɗin Iya ya amince da maganar Inna kafin ya rushe ta. A cire "kam", ladabin ya tafi.

Ba sabon abu nake kira a yi ba. Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce, a ƙarshen shekarun 1930, daga Alfu Laila da littattafan Indiya da tatsuniyoyin Turai, amma ya rushe su ya sake gini. Labarin wata kuku da ta cinye kaji biyun da aka gasa wa baƙo, wanda ke cikin tatsuniyoyin Jamusawa na Grimm, a hannun Imam ya koma labarin Kalala da matarsa Kalalatu, kuma har yau masu karatu da yawa ba su san labarin na aro ne ba. Shu'aibu Maƙarfi ya fara wasanninsa, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo kafin su zama littattafai, shi ya sa maganar cikinsu ke zaune daram a baki. Ko masu fassarar fina-finan Indiya a Kano, irin su Algaita, abin da ya sa matasa ke rububin aikinsu shi ne ba sa bin Indiyancin sau da ƙafa. Suna duban abin da ke faruwa a hoton, su sa wa jarumin maganar da ɗan Kano zai yi a wannan hali. Mutum na iya ƙin wasu kalaman da suke amfani da su, ni ma akwai waɗanda ba na so, amma dabarar daidai take.

Masu ba da kuɗi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa: in an rubuta da harshen da ba mu ji, ta yaya za mu tabbatar ba a faɗi kuskure a kan lafiyar mutane ba? Amsar ita ce a raba abu biyu da aka saba haɗawa. Na farko takardar saƙo, wadda za ta iya zama da kowane harshe, shafi ɗaya ko biyu: me ake so mai sauraro ya sani, me ake so ya yi, waɗanne bayanai ne ba a taɓawa. A misalinmu, alamun haɗari ba a taɓa su. Ba a taɓa cewa awon jini da ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20 na ciki abin dubawa ne, ko cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas. Waɗannan a bakin malamar asibiti za a sa su a fitowa ta gaba, a fili, ba gatse ba habaici, domin adadi ba wurin wasa ba ne. Na biyu shi ne wasan, wanda marubucin Hausa zai gina da Hausa tun daga tsarin labari. In ya gama, sai a fassara shi zuwa Turanci don masu dubawa, tare da ɗan bayani a gefe cewa wannan tsohuwa kakarsa ce, wasa take yi, kishiyar maganarta take nufi. Fassarar nan ba za ta yi daɗin karatu ba, kuma ba komai, tunda ba ita za a watsa ba. In dole ne wani ɓangare ya karanta rubutu mai sanyi, gara jami'ai uku a ofis da dubban masu sauraro.

Rubutu da Hausa daga tushe shi ma yana da ramukansa, kuma na ga an faɗa cikinsu. Mafi yawa shi ne cusa karin magana. Marubuci ya ji tsoron kada a ce Hausarsa ba ta nuna ba, sai ya sa wa kowane ɗan wasa karin magana a kowane layi, har yarinya 'yar shekara goma ta riƙa magana kamar wazirin sarki. Mutane ba sa magana haka. Karin magana guda a bakin wanda ya isa, a daidai lokacin da gardama ta kai ƙarshe, ya fi goma. A fitowar Iya babu ko ɗaya, kuma ba a rasa komai ba. Rami na biyu shi ne korar duk wata kalmar aro. Ɗalibar jami'a a Zariya tana cakuɗa Hausa da Turanci, ma'aikaci a Maraɗi yana cakuɗa ta da Faransanci, kuma in halin ɗan wasan ke nan, a bar shi ya yi. Bambancin shi ne wannan zaɓin marubuci ne don ya nuna mutum, ba sauran rubutun da aka kasa narkarwa ba. Na uku shi ne karin harshe. Wasan da aka ce a Sakkwato yake faruwa amma kowa na Kananci, Basakkwace zai ji shi baƙo kusan kamar wanda aka fassara. Na huɗu, wasan ƙabila yana da iyaka. Abin da ke halal tsakanin abokan wasa biyu da suka san juna, in aka sake shi a iska ba tare da an nuna dangantakar ba, ko aka bar ɓangare ɗaya yana sha kullum ba ya ramawa, ya zama cin fuska.

Gane ko rubutu ya zauna ba ya buƙatar na'ura. A tara 'yan wasan su karanta da ƙarfi kafin ranar ɗauka, marubuci na zaune da biro. Duk inda ɗan wasa ya yi tuntuɓe, ko ya canza layi da kansa ba tare da ya lura ba, a bi nasa, domin bakinsa ya gyara abin da idon marubuci ya tsallake. Wannan karatu yana da wani amfanin: rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala iri ɗaya suke a takarda, kuma a baki ne kaɗai za a ji ko wasa da kalma ya tashi. Bayan haka a rufe sunayen 'yan wasa a karanta layukan kawai. In ba a iya gane wace ce kaka wace ce amarya daga maganarsu ba, aikin bai gama ba. Daga nan a kai wa irin mutanen da aka yi dominsu, mata daban maza daban, a kunna musu. Kada a tambaye su ko sun fahimta, domin ladabi zai sa su ce e. A tambaye su wa ke da gaskiya a cikin mutanen nan, kuma wa suka sani mai irin halin Inna. In suka shiga gardama suna kawo sunayen maƙwabta, wasan ya shiga. In suka ce "ai an yi ƙoƙari, Allah ya saka", a koma teburi.

Kirana ga ƙungiyoyi da gidajen rediyo da furodusoshin Kannywood shi ne su daina kiran marubucin Hausa a ƙarshen aiki kamar mai shara. A kira shi ranar farko, a biya shi kuɗin marubuci ba na mai fassara ba, a ba shi ikon ya ce wannan fitowar ba za ta yiwu a gidan Bahaushe ba, a kuma saurare shi. Ku kuma marubuta 'yan'uwana, in aka miƙo muku rubutun da aka riga aka gama da Turanci aka ce ku juya, ku nemi takardar saƙon, ku nemi izinin sake gini, ku rubuta fitowa ɗaya ta hanyoyin biyu ku ce a karanta musu su ji da kunnensu.